Wadda Za Ta Ce A Sayi Injin

Gidan burodin Baba yana jikin gidanmu ne a Agege, bayan layin dogo, katanga ɗaya ta raba. In jirgi ya wuce, gwangwanayen burodi su yi ta kaɗawa a kan kanta, in an buɗe tanderu kuwa har kayan da muka shanya sai sun ɗauki ƙamshi. Na je firamare ina ƙamshin burodi, na yi difloma ina ƙamshin burodi. Ranar da na fara aiki a Ikeja ma, wata mata a cikin motar haya ta danfo ta juyo ta tambaye ni da Yarbanci ko burodi na ɓoye a jaka.

Ni ce 'yar fari a wurin Baba, kuma Baba mutumin da ne, irin waɗanda jirgin ƙasa ya kawo Legas tun suna samari amma ba su bar ko ƙwayar al'adarsu a tasha ba. Tunda nake ban taɓa jin sunana a bakinsa ba. Mahaifiyata ta rasu ina ƙarama, yayarsa ce ta riƙe ni, wadda muke kira Gwaggo, kuma a gida ɗaya muke duka. In zai yi maganata sai ya ce "'yar wajen Yaya", kamar a hanya ya tsince mu ni da ita. Ƙannena su hau masa jiki, su zare masa hula, ya yi ta dariya. Ni kuwa in na durƙusa na gaishe shi, sai ya amsa yana kallon rediyonsa. Kuɗin makarantata ta hannun Gwaggo suke fitowa, faɗa ta hannun Gwaggo, takalmin salla ma ta hannun Gwaggo. Na san kunya ce ba ƙiyayya ba, kowa a unguwa ya sani. Amma ba zan ɓoye ba, akwai ranakun da abin yake yi mini ciwo.

A lokacin da nake ba da labari, sojoji sun koma bariki, wayar salula ta fara shigowa hannun masu kuɗi, Baba kuma kafaɗarsa ta dama ta fara cin amanarsa. Da hannu ake kwaɓi a gidan burodinmu. A juye buhun fulawa a wani dogon kwami na katako, a zuba sukari da gishiri da yis da bota, maza su duƙa su yi ta juyawa har gumi ya jiƙa musu singileti, sannan a kai injin murza ya lailaye. Ma'aikatansa uku ne, duk mutanen Nijar, babbansu wani dattijo da suka fara sana'ar tare. Amma Baba ba ya yarda a yi kwaɓi yana tsaye yana kallo. Sai da ta kai in zai sa riga sai ya fara karkata, in zai ɗaga buta sai ya sauya hannu. Likita ya ce ya bar aikin ƙarfi ko hannun ya bar shi. Ya ce wa Gwaggo likitan yaro ne.

Ga abin haushin: kamfanin da nake yi wa aiki injinan gidan burodi yake sayarwa. Injin kwaɓi, tanderun zamani, injin yanka. Kullum sai na wuce ta gaban injin da zai ɗauke wa Baba wannan wahala, yana zaune a ɗakin nuni yana ƙyalli. Abu ɗaya nake so a duniya a lokacin, injin nan ya shiga gidan burodinmu kafin hannun Baba ya mutu. Kuma ba ni da bakin faɗa. Ta ina zan fara? In ce masa ya tsufa? Ko a ce 'yar fari ta samu aiki jiya, yau ta dawo tana yi wa ubanta talla? Na taɓa gwada Gwaggo, ta ce, "Ke, rufa mini asiri. In na ce masa ya sayi inji, cewa zai yi ina yi masa fatan naƙasa." Sai na haɗiye.

Aikina a ofis ba sayarwa ba ne. Wayar teburin masu sayarwa an haɗa ta da rikoda, kuma duk wanda ya kira ana gaya masa tun farko cewa ana ɗaukar maganar a kaset. In an gama, wata 'yar Kaduna mai saurin hannu ta saurara ta buga hirar a takarda, kalma bayan kalma. Daga nan takardar ta zo teburina, da kaset ɗin ɗaure a jikinta da roba. Ni kuma in karanta shafi biyar ko shida na gaisuwa da ciniki da kewaye-kewaye, in matse su su koma 'yan layuka, in shigar a kwamfuta, a cikin abin da ake kira CRM. Ba wani abin tsoro ba ne, ma'ajiyar bayanan masu saye ce, kowane mai saye da shafinsa. A shafin akwai gurbi huɗu da suke nawa: abin da ke hana shi saye, kuɗin da ya tanada, masu yanke shawara, sai mataki na gaba.

Manajarmu wata Bayarbiya ce mai tabarau a kan hanci, muna ce mata Madam. Ita ta koya mini aikin, kuma da faɗa ta koya mini. "Abin da mutum ya faɗa daban, abin da kike zato daban," in ji ta. "In zato ne, rubuta cewa zato ne." In mai saye bai faɗi adadin kuɗi ba, ba a ƙirƙira masa. A gurbin masu shawara kuma ba sunan wanda ya kira kaɗai ake so ba: wa zai biya, wa ake jin maganarsa, wa zai yi aiki da injin har ya iya ɓata cinikin in bai so ba. Mataki na gaba shi ne ta fi tsanantawa. In na rubuta "a bi sawu" sai ta ƙwala mini kira daga ofishinta. "Wa zai bi? Ya yi me? Yaushe?" Dalilinta a fili yake. Injiniya ɗaya gare mu da mota ɗaya, kuma da abin da na rubuta take tsara wanda za a je wurinsa da wanda za a jingine sai bayan wata shida. Ba wanda yake da lokacin komawa ya karanta shafi shida.

Wata safiyar Litinin na zauna, na jawo takardar da ke sama, na ga sunan gidan burodinmu a kanta.

Wallahi sai da na duba bayana. Na ɗauka wani ne yake tsokanata. Amma ga shi nan an buga: mai kira, mai gidan burodin da kansa, daga shagon buga waya na bakin tasha. Wanda ya amsa kuwa ɗan Jos ne, wani Kirista mai fara'a da ake tura wa duk wanda ya kira da Hausa, Hausarsa kamar a Kano aka yanke masa cibiya. Bai san alaƙata da gidan ba, don ni a ofis 'yar Agege ce kawai. A saman takardar ya rubuta da biro: "Dattijon kirki, amma bai shirya ba. Ƙorafi da yawa, bai faɗi kuɗi ba, ya ƙi faɗin mai shawara. A sake kira bayan wata shida."

Wata shida! Hannun da ko buta ba ya ɗagawa.

Na gyara zama na fara karantawa. Shafin farko duk gaisuwa ce. Baba ya tambayi gajiya, ya tambayi iyali, ya tambayi sanyin Jos, har ya tambayi ko ana samun dankali da araha bana. Da aka gaya masa ana ɗaukar maganar, ya ce, "Ɗauki abinka, ɗana, ba sata na zo yi ba." Ina karantawa ina jin muryarsa. Ban taɓa sanin Baba yana da surutu haka ba, ni da iyakar abin da nake samu shi ne "lafiya lau".

Sai aka shiga maganar inji, ya fara jero abin da ke damunsa. Na ɗauki fensir ina ja wa kowanne layi, yadda na saba.

Na farko wuta. Ya ce a layinsu in an kawo wuta da safe, kafin ka ce bismilla an ɗauke, kuma ba ya son kwaɓi ya tsaya a tsakiya yis ya ci fulawar banza. Ɗan Jos ya tambaye shi ko yana da janareto, ya ce akwai wani tsoho na dizal, amma bai san ko zai ja ba. Na biyu ɗanɗano. Matan da ke ɗaukar burodinsa a kai suna zagawa da shi sun san laushinsa, in ya sauya ko kaɗan za su koma wani gidan. Na uku gyara: in wani abu ya karye, a Legas ake samunsa ko sai an jira jirgin ruwa? Na huɗu shi ne ya sa na ajiye fensir. Ya ce, "Akwai mutum uku da ke ci a hannuna, ɗaya tare muka yi ƙuruciya. In injin nan korar mutane yake yi, ku riƙe abinku."

Maganar tsada kuwa, sau ɗaya ya ce "kai, da tsada" da aka faɗa masa farashi, bai sake komawa kanta ba. Wanda ya yi shekara yana karanta hirar 'yan kasuwa ya san wannan. Bahaushe ko kyauta ka ba shi sai ya ce da tsada kafin ya karɓa. Abin da mutum ya koma wa sau biyu sau uku, shi ne ke cin ransa, kuma Baba wuta da ma'aikatansa ya yi ta komawa.

Da ɗan Jos ya tambaye shi nawa ya tanada, Baba ya yi irin tasa. "Ba a ƙirga wa baƙo kuɗi a waya. Amma abin da ke ajiye zai kai kujerar Makka ɗaya da ɗan ƙari." Gaskiyar ɗan Jos, ba a faɗi adadi ba. Sai dai a Agege kujerar Makka ma'auni ce kamar mudu, kowa ya san abin da aka biya a shekarar. Na lissafa a gefen takarda, na ga babban injin ya fi ƙarfinsa nesa ba kusa ba, amma ƙaramin, mai ɗaukar rabin buhu a zubi ɗaya, saura kaɗan ya kai, kuma kamfani yana yarda a biya kashi biyu.

Sai na juya shafi na biyar.

Ɗan Jos ya ce, "Baba, in an zo saye, kai kaɗai za ka yanke, ko akwai wanda za ka yi shawara da shi?"

Baba ya ce, "Kuɗi dai nawa ne. Amma akwai wata yarinya a gidanmu, 'yar wajen Yayata. Ita ta san injinan nan ciki da waje. In ta ce a saya, an saya. In ta ce a bari, an bari."

"To me ta ce?"

"Ai matsalar ke nan, ɗana. Ba ta ce komai ba. Kullum tana ganina a bakin kwami, ta gaishe ni ta wuce. Shi ne na ce ko dai injin naku ba shi da kyau ne, ta sani, take jin nauyin faɗa."

"Mene ne sunanta, Baba, in rubuta? Ko mu yi magana da ita."

A nan mai buga rubutun ta sa: ya yi dariya. Sannan ya ce, "Ni ba a tambayata wannan sunan."

Na karanta wurin ban san sau nawa ba. Idona ya cika, na tashi na shiga banɗaki na kunna famfo don kada a ji ni. Daɗi ne ya kama ni, da haushi, da tausayi, duk a lokaci ɗaya. Ashe duk watannin nan da nake haɗiye magana don kada in ci masa fuska, shi yana can yana fassara shiruna. Ina jiran ya tambaya, yana jiran in faɗa, hannu kuma yana ta lalacewa a tsakaninmu. Na wanke fuska na ce a raina, kai Baba, kai Baba, sai ka biya kuɗin waya ka gaya wa ɗan Jos abin da katanga ɗaya ta raba mu da shi?

Da na dawo tebur sai na ga aikin ya tsaya mini a wuya. In na bi abin da ɗan Jos ya rubuta, an jingine Baba wata shida. In na rubuta abin da na sani na yi shiru, na yi amfani da kujerata na tura motar kamfani gidanmu a ɓoye, kuma ranar da aka gane, ba wanda zai ƙara yarda da layi ɗaya da na shigar. Na kwashi takardar na ƙwanƙwasa ƙofar Madam.

Na gaya mata mai kiran mahaifina ne, kuma yarinyar da ya ƙi faɗin sunanta ni ce. Ta sauke tabarau ta dube ni.

"Mahaifinki? To me ya sa ya ce 'yar yayarsa?"

Na yi mata bayanin 'yar fari. Ta kira ɗan Jos, shi ma na maimaita masa. Ya dafe kai yana dariya, ya ce, "Kash! Na san wannan al'ada fa, maƙwabcinmu a Jos haka yake yi da babban ɗansa. Da ya ce 'yar yayarsa ne na ɗauka hanyar sallamata yake nema." Ban ga laifinsa ba. Sau nawa mai saye yake cewa sai ya yi shawara da wani, alhali ba wani, ba shawara?

Madam ta karanta shafi na biyar ina fassara mata, sannan ta ce, "Omo mi, 'yata, je ki rubuta yadda yake. Abin da ya faɗa a matsayin abin da ya faɗa, abin da kika sani a matsayin abin da kika sani, ki kuma rubuta cewa ke 'yarsa ce kuma ma'aikaciyarmu. Maganar farashi da ragi ba ruwanki, tsakanina da ɗan Jos ne. Kin ji?" Na ce na ji. Har na kai ƙofa ta ƙara da cewa, "Kuma in injin bai dace da shi ba, ki gaya masa gaskiya. Ba na son cinikin da zai raba uba da 'ya."

Na zauna gaban kwamfuta na cika gurbin farko da abubuwa biyar: rashin tsayayyar wuta da shakkar ƙarfin janaretonsa, tsoron sauyin laushin burodi, samun kayan gyara, makomar ma'aikatansa uku, da kuma shirun wadda yake jin shawararta, wanda ya ɗauka alama ce injin ba shi da kyau. Na ƙara da cewa ya ambaci tsada sau ɗaya bai nanata ba. A gurbin kuɗi na rubuta cewa bai faɗi adadi ba, ya kwatanta da kujerar Makka ɗaya da ɗan ƙari, sannan na sa ƙiyasina na rubuta a gabansa cewa ƙiyasi ne, a tabbatar, kuma in ya yi daidai ƙaramin inji ne zai yiwu, da biya kashi biyu.

Gurbi na uku ya fi ɗaukar lokaci, ba don yana da wuya ba. Na sa sunan Baba, mai biya kuma mai sa hannu. Na sa dattijon nan na Nijar, shugaban masu kwaɓi, na nuna cewa Baba bai kira shi mai shawara ba, amma shi zai riƙe injin, kuma in bai gamsu ba Baba ba zai tsallake shi ba. Sai layin tsakiya. Mai saye ya ce sai da amincewar wata 'yar gidansa, bai faɗi suna ba. A ƙarƙashinsa na buga sunana da hannuna, cikakke, da nasa a jiki, na rubuta: 'yarsa ta fari, ma'aikaciya a nan, Madam ta sani. Na daɗe ina kallon sunayen nan biyu a jere.

Mataki na gaba kuwa, a karon farko tunda na fara aiki, da ni aka fara. Ni, yau da yamma, in gaya masa ra'ayina. Injiniya, ranar Alhamis, ya je ya duba janareto da wayoyin wuta. Ɗan Jos, in injiniya ya ce zai ja, ya gayyato shi ranar Asabar tare da shugaban masu kwaɓi, su zo da fulawarsu da yis ɗinsu a gwada a gabansu, ya kuma nuna musu ɗakin kayan gyara. Gani ya kori ji.

Rubutawa ta fi yi sauƙi. Duk hanyar Ikeja zuwa Agege ina cikin danfo ina shirya magana tana rushewa. Na iso bayan la'asar. Baba yana tsakar gida a kan tabarma da rediyonsa, Gwaggo tana gefe tana tsince shinkafa, hannunsa na dama yana kwance a cinyarsa kamar ba nasa ba. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa wa rediyo. Maimakon in wuce ɗaki yadda na saba, sai na jawo kujera 'yar tsugune na zauna kusa da Gwaggo.

Na ce, "Gwaggo, injin kwaɓin nan na wurin aikinmu, ƙaramin, yana da kyau."

Gwaggo ta ɗago ta dube ni, ta dubi ƙanenta, ta mayar da kai kan faranti. "To," ta ce. "Ni da ba burodi nake yi ba."

Baba ya rage muryar rediyo. Ya ce, "Yaya, tambaye ta ko yana korar mutane."

Gwaggo ta ce da ni, "Kin ji, wai yana korar mutane?"

Na ce, "Gwaggo, ba ya kora. Kwaɓi kawai yake yi. Awo da yanka da shafa gwangwani da tanderu duk sai da mutum. In kwaɓi ya yi sauri ma, hannu zai ƙara buƙata, ba ragewa ba. Amma ba na so a saya sai injiniya ya ga janareto, in ba zai ja ba a haƙura tukuna. Kuma ranar Asabar a je da fulawar gida a gwada, a ga laushin da ido."

"Yaya, ce mata Asabar akwai aiki."

"Gwaggo, bayan azahar an gama gashi."

Gwaggo ta dire farantin. "Kai, ni kun ishe ni! Ga ka ga ta, taku biyu tsakaninku, kun mai da ni wayar tarho. Barewa dai ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, taurin kai iri ɗaya." Baba ya murɗa rediyo ya ƙara murya, amma na ga gefen bakinsa yana motsi. Can ya ce, wa rediyon, "Allah ya kai mu Asabar ɗin."

Da ya fita masallaci, Gwaggo ta matso ta rage murya. Ta ce kwanakin baya ya zo ya zauna yana ta kewaye-kewaye, har ya tambaye ta wai 'yar wajenta wane irin aiki take yi a kamfanin nan, sayarwa take yi ko me. Ita kuma ta gaya masa abin da na taɓa gaya mata: duk wanda ya buga waya, ana ɗaukar maganarsa a kaset a rubuta, a kawo mini in karanta. "Ya ce, kowa da kowa? Na ce kowa da kowa. Ya ce to. Washegari na ga ya sa babbar riga ya nufi bakin tasha." Ta kama haɓa. "Mutumin da ya yi shekaru yana aika wa tsohuwarmu kaset a gida don bai iya wasiƙa ba, ai ya san abin da yake yi."

Injiniya ya je, ya ce janareton zai ja ƙaramin in an sauya waya. Ranar Asabar Baba ya zo ofishinmu da dattijonsa da rabin buhun fulawa a bayan tasi. Na laɓe a bayan taga ina kallo. Dattijon ya tsaya ya harɗe hannu yana hararar injin har ya gama juyawa, sannan ya yanko kwaɓin, ya ja shi tsakanin yatsunsa ya ɗaga wa haske, ya shinshina. Suka kwashe shi suka koma da shi gida suka gasa a tanderunsu, suka ba matan talla ba tare da sun gaya musu komai ba. Ba wadda ta ce uffan. Kafin azumi injin ya shiga gidan burodinmu, ba a sallami kowa ba. Baba ya koma zama a bakin ƙofa yana duba awo yana yi wa kowa faɗa. Kafaɗar ba ta warke sarai ba, amma da hannunsa na dama ya ci gaba da cin tuwo har ƙarshen ransa, kuma abin da na roƙa ke nan.

Ranar da na rufe shafinsa a kwamfuta, na tuna kaset ɗin. A ƙa'ida in ciniki ya ƙare ana mayar da shi a ɗauki wata hirar a kansa. Na sayo sabo a bakin titi, na roƙi Madam ta bar mini wancan, ta ce in ɗauka. Duk wannan lokaci ban saurare shi ba, takardar kawai na karanta. Da aka tashi cin abincin rana ofis ya yi shiru, na sa shi a rikoda.

Komai yana nan yadda aka buga, dankalin Jos, kujerar Makka, dariyar. Takardar ta ƙare ne a inda ɗan Jos ya ce sai an jima, don mai buga rubutun a nan take tsayawa, abin da ya biyo bayan sallama ba ciniki ba ne. Amma kaset ɗin bai tsaya ba. Ana jin hayaniyar bakin tasha, ana jin wani kwandasta yana kiran fasinjojin Oshodi. Sai Baba ya yi gyaran murya.

"Ɗana, har yanzu abin yana ɗauka?"

"Yana ɗauka, Baba."

Sai Baba ya ce:

"To. Wadda za ta ji wannan, ta riƙa cin abinci da rana, tana ramewa. Allah ya yi mata albarka. Shi ke nan, kashe."